Tausayi Kaɗai Ba Ya Buɗe Ƙofar Ƙungiyoyin Agaji

Da zarar zangon karatu na ƙarshe ya doshi ƙarewa a jami'o'inmu, ɗaliban ajin ƙarshe kan duƙufa wajen rubuta wa ƙungiyoyin agaji wasiƙar neman gurbin sanin makamar aiki. Galibin waɗannan wasiƙu ba amsa wani tallan aiki suke yi ba. Ɗalibi ne kawai yake gabatar da kansa, yana cewa ga ni, in akwai wuri a ɗauke ni na 'yan watanni kafin a kira mu hidimar ƙasa. Wanda ya karanta goma daga cikinsu kamar ya karanta ɗari ne, don kusan duk bakinsu ɗaya: mai wasiƙar yana da tausayi tun yana yaro, zuciyarsa na karaya in ya ga 'yan gudun hijira, yana da ƙwazo da riƙon amana, kuma a shirye yake ya yi aiki a kowane sashe aka tura shi.

Ra'ayina shi ne irin wannan wasiƙa ba ta kai mai ita ko'ina, ko da kuwa duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Jami'in da ke karanta ta ba mai tausayi yake nema ba, don ya riga ya ɗauka cewa duk wanda ya rubuto yana da shi. Abin da yake son sani shi ne wane aiki daga cikin waɗanda suka yi masa yawa wannan ɗalibi zai iya ɗauke masa, kuma shin za a iya sakin jiki da shi a gaban mutanen da masifa ta rutsa da su. Wasiƙar da ta amsa waɗannan tambayoyi biyu da hujja ita ce ake ajiyewa a gefe. Sauran kuwa ko amsa ba a cika ba su ba.

Ya kamata ɗalibi ya san halin da waɗannan ƙungiyoyi ke ciki kafin ya ɗauki alƙalami. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, kuma zuwa tsakiyar shekarar aka rufe hukumar USAID, wadda kuɗinta ke ɗauke da kaso mai tsoka na ayyukan jinƙai a Borno da Yobe da Adamawa. An rufe wasu shirye-shirye, an sallami ma'aikata, cikinsu har da waɗanda suka shekara da shekaru suna aikin. Wannan ya jawo abu biyu. Na farko, ɗalibi yana neman shiga gidan da ƙwararru ke tsaye a ƙofarsa. Na biyu, waɗanda suka rage a ofis aiki ya yi musu yawa, ba su da lokacin renon wanda sai an koya masa komai daga farko, amma suna maraba da wanda zai rage musu nauyi tun makon farko. Don haka cewa "a tura ni kowane sashe" ba sauƙin kai take nunawa ba. Tana nuna cewa mutum bai tsaya ya bincika sassan da ke akwai ba, kuma ya bar wa mai karatu aikin nemo masa inda ya dace.

Ƙungiyar agaji ba dunƙulalliya ba ce. Akwai sashen lafiya, da na abinci mai gina jiki, da na ruwa da tsafta, da na ba da kariya ga mata da yara, da na sayen kaya da jigilarsu, da na kuɗi, da na sa ido da tantance ayyuka. Kowane sashe yana da shugabansa da kasafinsa da irin hannun da yake nema. Ɗalibin akanta yana da abin yi a sashen kuɗi wajen daidaita rasitai da bauca. Ɗalibin injiniyan ruwa yana da abin yi wajen lissafin ko ruwan da ake kai wa sansani ya kai lita 15 ga kowane mutum a rana, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da littafin ƙa'idojin Sphere ya gindaya. Wasiƙa mai kyau sashe ɗaya take nufa, kuma tun a sakin layi na farko take faɗarsa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce wata ɗaliba ce a ajin ƙarshe tana karanta ilimin ƙididdiga a wata jami'a ta Arewa maso Gabas. Tana jin Kanuri da Hausa da Turanci. Aikinta na kammala digiri ya shafi iyaye mata masu kai yara asibitin sha-ka-tafi, kuma ta tattara bayanan da manhajar KoboToolbox a waya, ta tace su da Excel. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, ta yi aikin sa kai wajen rubuta sunayen iyalan da suka fake a wata makaranta. Yanzu tana son shiga wata ƙungiya mai kula da yara masu tamowa.

In ta bi sahun kowa, za ta cika shafi da labarin yadda ambaliyar ta girgiza ta. Amma in ta yi bincike na kwana biyu kacal a kan yadda ake gudanar da shirin tamowa, za ta gano cewa aikin cike yake da lissafi. Ana auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59 da wani tef mai launi uku. In awon ya gaza santimita 11.5, ja ke nan, tamowa ta yi tsanani, haka kuma in ƙafafunsa biyu sun kumbura. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, matsakaiciyar tamowa. Yaron da ya faɗa ja amma yana iya cin abinci kuma ba shi da wata cuta mai tsanani ba a kwantar da shi. Ana ba uwarsa abincin nan na musamman da ake haɗawa da gyaɗa da madara, ta riƙa kawo shi awo a kan kari har ya murmure. Kowane zuwa ana rubutawa a kati da rajista, kuma a ƙarshen wata dole a fitar da rahoto.

Wannan rahoto shi ne ƙofar ɗalibarmu. Ƙa'idar Sphere ta ce a cikin yaran da suka fita daga shirin, waɗanda suka warke su haura kashi 75 cikin ɗari, waɗanda suka rasu su gaza kashi 10, waɗanda aka daina kawowa kuma su gaza kashi 15. A ce a wata cibiya yara 200 ne suka fita daga shirin a cikin wata uku: 156 sun warke, 6 sun rasu, 34 an daina kawo su, 4 kuma ba su murmure ba duk da magani. Wanda bai san aikin ba zai ga kashi 78 sun warke, kashi 3 ne kawai suka rasu, ya ce madalla. Wanda ya sani zai tsaya a kan 34 ɗin nan, don kashi 17 ne, sun ƙetare iyaka. Daga nan sai tambayoyi su biyo baya. Daga wace unguwa ko ƙauye suka fi yawa? A zuwa na nawa suke ɓacewa? Nisa ne, ko abincin ne ya yanke a cibiyar, ko aikin gona ne ya riƙe iyaye mata da damina, ko kuwa wasu daga cikinsu rasuwa suka yi a gida ba a sani ba aka rubuta su a layin da bai dace ba? Amsar tana cikin katunan da ke jibge a kwali, kuma sau da yawa babu wanda ke da sukunin zama ya shigar da su kwamfuta ya tace. Ga aikin da ɗalibar ƙididdiga za ta iya yi, kuma shi ya kamata wasiƙarta ta nuna ta gane.

Galibi da Turanci ake rubuta irin wannan wasiƙa, amma ga yadda gangar jikinta za ta kasance in aka zuba ta da Hausa:

"Zuwa ga jami'a mai kula da sashen sa ido da tantance ayyuka. Ranki ya daɗe, ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a fannin ƙididdiga, kuma ina neman gurbin sanin makamar aiki na wata huɗu a sashenku, daga farkon watan da zan gama jarrabawa. Na karanta rahotonku na baya-bayan nan kan shirin tamowa, na ga kuna bin diddigin yaran da ake daina kawowa awo, kuma a nan nake ganin zan yi amfani. A aikina na kammala digiri na tsara tambayoyi a KoboToolbox, na zanta da iyaye mata 120 da Kanuri da Hausa bayan neman amincewarsu, na kuma tace bayanan da Excel. Zan iya shigar da katunan awo kwamfuta, in gano waɗanda aka maimaita ko aka bar gurbi, in fitar da alƙaluman wata-wata. Lokacin ambaliyar 2024 na yi mako biyu ina rajistar iyalai a matsayin 'yar sa kai, a nan na koyi cewa bayanan mutane amana ne da ba a fita da su. Ina zaune a Maiduguri, ba na buƙatar masauki. Malamin da ke duba aikina ya amince a tuntuɓe shi, kuma na haɗo da takardar shaida daga sashenmu. Na gode da lokacinki."

Dubi abin da ta yi. A layi biyu na farko mai karatu ya san wace ce, me take so, a wane sashe, na tsawon wane lokaci. Ba ta ce tana da ƙwazo ba, ta faɗi abin da ta aikata da adadinsa, ta bar mai karatu ya yanke hukunci. Ba ta ce ta iya kwamfuta ba, ta ambaci manhajar da abin da ta yi da ita. Ta kuma nuna ta karanta wani abu na ƙungiyar, wanda shi ne babban abin da ke bambanta wasiƙar da aka rubuta wa su da wadda aka tura wa ofis ashirin ana canja suna kawai. Irin waɗannan rahotanni ba ɓoyayyu ba ne. Shafin ReliefWeb, wanda ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa, cike yake da su, kuma kyauta ne.

Batun harshe ma ba ƙaramin jari ba ne, amma ɗalibanmu kan jefa shi a ƙarshen takarda kamar abin kunya. Binciken da ƙungiyar Translators without Borders ta yi a Arewa maso Gabas ya nuna cewa yawancin saƙonnin agaji da Hausa da Turanci ake isar da su, alhali ɗimbin waɗanda rikici ya raba da gidajensu, musamman mata da tsofaffi, Kanuri ko Shuwa ko Marghi ko wani harshe suke ji sosai. Wanda ke iya zama da wata dattijuwa daga Bama ya yi mata tambaya da harshenta yana da abin da mai digiri na biyu daga wani gari ba shi da shi. Sai dai a faɗi gaskiyar matsayin iyawar. Jin gaisuwa da ciniki a kasuwa daban, iya fassara bayanin ma'aikaciyar jinya daban, kuma a ganawar farko za a iya gwada mutum.

Yanzu sai tambaya ta biyu, wato amana, wadda a kanta ne masu kyakkyawar niyya ke kayar da kansu ba su sani ba. Ayyukan jinƙai suna tafiya ne a kan ƙa'idoji huɗu: mutunta ɗan'adam, rashin nuna bambanci, rashin ɗaukar ɓangare, da cin gashin kai. Babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar da uku na farko a ƙudurinsa mai lamba 46/182 na shekarar 1991, daga baya aka ƙara ta huɗu. A wurinmu waɗannan ba kalaman ado ba ne. A watan Satumban 2019 sojoji sun rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a Arewa maso Gabas bisa zargin da ya shafi taimaka wa masu tayar da ƙayar baya, kuma sai ƙarshen Oktoba aka bar su suka koma aiki. A 2018 kuma masu ɗauke da makamai sun kashe ma'aikatan lafiya mata biyu na Kwamitin Red Cross na Duniya da suka sace a Rann. Ƙungiyar da ke aiki tsakanin zargin wannan ɓangare da bindigar wancan tana auna kowace kalma ta wanda zai saka rigarta.

Saboda haka ɗalibin da ya rubuta cewa yana son ya ba da gudummawarsa wajen yaƙar 'yan ta'adda ya rufe wa kansa ƙofa, don ƙungiyar ba yaƙi ta zo yi ba. Wanda ya ce yana son taimaka wa 'yan'uwansa Musulmi, ko 'yan'uwansa Kirista, ko mutanen ƙaramar hukumarsu, shi ma haka, don ma'aunin raba taimako shi ne girman buƙata kawai. Neman lada niyya ce mai kyau, amma tsakanin bawa da Ubangijinsa take, ba sai an rubuta ta a wasiƙar aiki ba. Wanda ya lissafa muƙaminsa a ƙungiyar matasan wata jam'iyya a matsayin gogewa, ko ya ce wani ɗan majalisa ne ya turo shi, ya ƙara wa mai karatu dalilin ja da baya. Kuma a tuna cewa mai ɗaukar ma'aikata zai iya leƙa abin da mutum ke wallafawa a kafafen sada zumunta.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan yawa. Ɗalibi ya yi aikin sa kai, yana son ya kafa hujja, sai ya liƙa hoton kansa riƙe da yaro ramamme, ko ya ba da labarin wata mata da aka ci zarafinta har da sunanta da unguwarsu. A ganinsa shaida ya kawo. A ganin jami'in kariya kuwa, ya nuna cewa in aka ba shi rajistar marasa lafiya gobe za a gan ta a waya. Tun 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ke da ƙa'ida mai tsauri kan hana ma'aikata lalata da waɗanda ake taimaka wa ko amfani da rauninsu, kuma kusan kowace ƙungiya tana sa sabon shiga ya sa hannu a kan dokokin ɗa'a kafin ya fara. Akwai gajerun kwasa-kwasai na kyauta a kan wannan a dandalin Kaya da DisasterReady da kuma Agora na UNICEF. Ɗalibin da ya yi ɗaya ko biyu ya ambace su a layi ɗaya ya nuna ya san inda zai shiga. Amma jera satifiket goma sha biyar na intanet ba ya maye gurbin aiki ɗaya da mutum ya yi da hannunsa.

Sai batun inda za a aika. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba su cika ɗaukar mutum don ya turo wasiƙa haka kawai ba. Suna tallata gurbi a shafukansu, a nan ake cikewa. Sakatariyar Majalisar tana karɓar ɗaliban shekarar ƙarshe ta digiri na farko da waɗanda suka riga suka gama, na tsawon wata biyu zuwa shida, kuma ba ta biyan albashi, ko da yake wasu hukumominta kamar UNICEF suna ba da alawus. Wasiƙar gabatar da kai ta fi tasiri a ƙungiyoyin cikin gida da rassan jiha na Red Cross ta Najeriya da ƙananan ofisoshin da shugaban sashe ke iya karantawa da kansa. Ɗalibai kan raina waɗannan suna hangen manyan motoci masu tambari, alhali a ƙaramar ƙungiya ne ake barin sabon shiga ya taɓa aiki na gaske. Shafi ɗaya ya isa. A mayar da shi PDF, a sa wa fayil ɗin sunan mutum, a rubuta sashe da watannin da ake nema a kan imel ɗin, in an yi mako biyu shiru a tuna musu sau ɗaya cikin ladabi. Duk wanda ya nemi kuɗin fom ko na tantancewa ko na horo kafin a ɗauke ka ɗan damfara ne, don ƙungiyoyin agaji na gaskiya ba sa karɓar ko kwabo a kan ɗaukar aiki.

Na san abin da wasu za su ce: duk wannan ɓata tawada ne, aikin ƙungiyoyi sai kana da hanya. Ba zan musa cewa sanayya tana aiki ba, kuma ƙorafin 'yan asalin yankin cewa ana tsallake su ba yau ya fara ba. Amma mai hanya ba ya buƙatar wasiƙa. Ɗan talaka ne ba shi da wani wakili a wannan ofis sai ita, don haka shi ne bai kamata ya yi mata riƙon sakainar kashi ba. Kuma ko wanda aka yi wa hanya, in aka ajiye masa kwalin katunan awo ya kasa fitar da kashi nawa ne aka daina kawowa, ba ya daɗewa.

Su ma ƙungiyoyin akwai haƙƙi a kansu. Gurbin da babu ko kuɗin mota a cikinsa ya zama na 'ya'yan masu hali kaɗai, ya bar ɗan gudun hijirar da ya yi karatu da ƙyar, wanda shi ya fi kowa sanin harshen mutanen da halinsu. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu ba da tallafi sun yi alƙawarin ƙarfafa 'yan ƙasa su riƙe aikin da kansu. Hanya mafi araha ta cika wannan alƙawari ita ce alawus ɗan kaɗan, da jagora da zai duba aikin ɗalibi, da amsa ko ta layi biyu ce ga wanda ba a ɗauka ba. Jami'o'i kuma su sani cewa sa'a biyu da malami zai zauna da ɗaliban ajin ƙarshe yana gyara musu irin wannan wasiƙa ba asara ba ce.

Kai kuma ɗalibi, kafin ka aika, ka karanta abin da ka rubuta ka goge duk layin da abokin karatunka zai iya sa wa hannu ba tare da ya yi ƙarya ba. Abin da ya rage shi ne naka. In ka ga bai kai rabin shafi ba, to ba wasiƙar ce ke da gyara ba tukuna: je ka yi rajistar sa kai a reshen Red Cross na jiharku ko asibitin unguwarku, ka koyi manhaja ɗaya har ka iya ta, sannan ka dawo ka rubuta.